Takun da Ke Raba Murya da Rurin Inji: Yadda Matacin LMS Ke Koyon Kashe Ƙara

Duk wanda ya taɓa ɗaukar magana kusa da janareta ya san abin da ke faruwa idan aka zo saurare. Muryar mai magana tana ciki, amma ruri ya danne ta, kuma ƙara sautin rediyo ko na waya ba ya magani, domin ƙarar da muryar tare suke tashi. Abin da mutum zai fara tunani shi ne a sa mataci, wato a yanke sashen sautin da ƙarar take zaune a cikinsa. Matsalar ita ce rurin inji da muryar ɗan Adam suna tarayya a wuri guda. In ka yanke ƙananan sautuka don ka kashe rurin, ka tafi da kaurin muryar, sai mutum ya koma kamar mai magana ta hanci.

Akwai wata dabara dabam wadda ba ta yanke komai. Tana yin kwafin ƙarar ne, sannan ta debe shi daga abin da aka ɗauka. Farfesa Bernard Widrow na Jami'ar Stanford da ɗalibinsa Ted Hoff ne suka fito da lissafin da ke yin wannan aiki a shekarar 1960, kuma a fagen injiniya an san shi da haruffa uku, LMS. Hoff ɗin nan shi ne daga baya ya tafi kamfanin Intel, ya kasance cikin waɗanda suka tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta ta 4004. A shekarar 1975 Widrow da abokan aikinsa suka wallafa wani dogon bincike inda suka nuna yadda ake kashe ƙara da wannan lissafi. Cikin misalansu akwai cire gurnanin wutar lantarki daga awon bugun zuciya, da kuma fito da bugun zuciyar jariri a ciki, wanda bugun uwa ke rufewa. Sun sa wayoyin awo a ƙirjin uwa don su samu bugunta shi kaɗai, suka sa wasu a cikinta inda bugun biyu suka gauraya, suka bar lissafin ya debe na uwa, sai ga na jariri ya fito.

Lissafin gajere ne ƙwarai, layi uku ne kacal. Amma a cikinsa akwai lamba ɗaya da mutum ne zai zaɓe ta da kansa, kuma kusan duk nasara ko faɗuwar aikin a kanta take. Ita ce girman taku, ana rubuta ta da harafin Girka μ, ana furta shi "miyu".

Makirufo biyu

Mu ɗauka ana ɗaukar jawabi a waje, janareta yana aiki a gefe. Za a kafa makirufo biyu. Na farko yana gaban mai magana, yana jin murya gauraye da ƙara. Na biyu yana fuskantar injin, kuma ana so ya ji ƙarar kawai. Me zai hana a debe na biyu daga na farko kai tsaye? Abin da ya hana shi ne ƙarar da ta isa makirufo na farko ba ita ce ainihin wadda na biyu ya ji ba. Ta yi tafiya a iska ta makara, ta rage ƙarfi, wani ɓangarenta ya bugi bango ya dawo. In aka debe a hakan, sau da yawa ƙarar ƙaruwa take yi.

Don haka sai a ratsa sautin makirufo na biyu ta cikin mataci wanda zai mayar da shi kamar yadda ya isa na farko. Na'ura tana auna sauti sau dubbai a cikin daƙiƙa, a ce sau 8000 kamar yadda ake yi a layin tarho. Matacin yana riƙe da awo na baya-bayan nan guda kaɗan, a ce 32, yana ninka kowanne da wata lamba tasa, sannan ya tara su. Waɗannan lambobi 32 su ne ma'aunan matacin. In sun dace, jimlar za ta zama kwafin ƙarar da ke cikin makirufo na farko. Ba wanda ya san su tun farko, kuma suna canzawa da zarar an matsar da makirufo ko wani ya tsaya tsakani. Aikin LMS shi ne nemo su yayin da ake cikin ɗauka. A kowane awo ana yin wannan:

```
y = sum(w * x)
e = d - y
w = w + mu * e * x
```

A nan x shi ne jerin awon ƙara daga makirufo na biyu, d shi ne awon makirufo na farko, w kuma ma'aunai. Layi na farko yana yin kwafin ƙarar. Na biyu yana debe kwafin, abin da ya rage shi ne e. Na uku yana gyara ma'aunai gwargwadon abin da ya rage. Abin sha'awa a wannan tsari shi ne e yana aiki biyu a lokaci guda: shi ne kuskuren da matacin ke ƙoƙarin ragewa, kuma shi ne sautin da muke saurare a ƙarshe. Matacin yana so ya mayar da e sifili, amma ba zai iya kashe muryar ba, domin ƙarar inji kawai aka ba shi ya yi aiki da ita, kuma murya ba ta da alaƙa da ƙarar inji. Iyakar abin da zai iya debewa shi ne ƙarar. Idan ya kai ƙarshen ƙoƙarinsa, murya ce ke saura. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa.

Mu bi lissafin da hannu

Hanya mafi sauƙi ta ganin aikin μ ita ce a rage ma'aunai su koma guda ɗaya. A ce ƙarar da ke isa makirufo na farko kashi 0.8 ce ta wadda na biyu ke ji, ba makara ba amsa-kuwwa. Amsar da muke nema ke nan: w ya zama 0.8. Matacin bai sani ba, ya fara daga sifili. A ce awon ƙarar yana zuwa 1 ko −1, mai magana kuma bai buɗe baki ba tukuna.

Mu sa μ ya zama 0.5. Awo na farko x ya zo 1, makirufo na farko ya ji 0.8, kwafin matacin sifili ne, don haka kuskure 0.8. Gyaran shi ne 0.5 sau 0.8 sau 1, wato 0.4, sai w ya koma 0.4. Awo na biyu x ya zo −1, makirufo na farko ya ji −0.8, kwafin −0.4, kuskure −0.4. Gyaran 0.5 sau −0.4 sau −1, wato 0.2, sai w ya zama 0.6. Daga nan 0.7, sai 0.75. Kowane taku yana cinye rabin tazarar da ta rage.

Yanzu mu ƙara μ zuwa 1.5. Takun farko ya kai w 1.2, ya wuce 0.8. Na biyu ya dawo da shi 0.6, na uku 0.9, na huɗu 0.75. Yana tsallake wurin yana dawowa, amma kowane tsallake ya fi na baya ƙanƙanta, don haka zai isa. Mu ƙara kuma zuwa 2.5. Daga sifili w ya tafi 2, ya dawo −1, ya haura 3.5, ya faɗo −3.25. Kowane gyara yana haifar da kuskuren da ya fi wanda aka zo gyarawa. Na'urar da ke yin wannan sau 8000 a daƙiƙa, kafin ƙiftawar ido lambobinta sun cika sun tumbatsa. Wanda ke saurare zai ji tsawa mai tsaga kunne, ko kuma shiru, in kuwa a kwamfuta ake gwadawa za a ga NaN ya cika jerin ma'aunai. Iyakar a wannan misali ita ce 2. Ƙasa da ita matacin yana isa, sama da ita yana tarwatsewa.

In da labarin ya tsaya nan, da sai a zaɓi μ ya zama 1, wanda a wannan misali yake kai w 0.8 a taku guda. Amma mai magana zai buɗe baki. A ce w ya riga ya zauna daidai a kan 0.8, sai murya ta shigo da ƙarfin 0.2 a lokacin da x yake 1. Makirufo na farko ya ji 1.0, kwafin ƙara 0.8, abin da ya rage 0.2, wato muryar tsantsa. Ga mai saurare wannan nasara ce cikakkiya. Amma layi na uku bai san murya ba, duk abin da ya gani a e kuskure ne a wurinsa. Da μ na 0.5 zai tura w zuwa 0.9, ya ɓata saitin da yake daidai, a awo na gaba kuma wani ɗan ruri zai tsere ya shiga kunne. Da μ na 0.05 zai tura shi 0.81 kawai.

Wannan shi ne tushen al'amarin. Muryar da muke son ceto ita ce ke girgiza ma'aunai. Turin nata ba ya zuwa ta gefe guda, yanzu sama an jima ƙasa, don haka a jimlace ma'aunan suna nan kewaye da wurin da ya dace, amma ba sa taɓa zama daram. Abin ya yi kama da mai neman tasha a gajeren zango wanda hannunsa ba ya barin maɓalli: in yana murzawa da ƙarfi zai iso kusa da tashar da wuri, amma zai yi ta wuce ta yana dawowa, in yana murzawa a hankali zai daɗe kafin ya iso, amma in ya iso sai ya zauna kusa ƙwarai. Ƙarar da ke tserewa saboda wannan rawa ta ma'aunai, idan aka auna ta da mafi ƙarancin kuskuren da zai yiwu, ita ake kira rarar kuskure. A aikin kashe ƙara kuwa, mafi ƙarancin kuskuren shi ne muryar kanta. Saboda haka rarar kuskure ta kashi 10 cikin 100 tana nufin ragowar rurin yana da kashi goma na ƙarfin muryar.

Ma'aunai 32, da lambobi na gaske

Ƙa'idoji uku ne ke mulkin wannan fage, kuma dukansu kimantawa ne mai kyau matuƙar μ ƙarami ne. A nan L shi ne yawan ma'aunai, P kuma matsakaicin ƙarfin ƙarar da makirufo na biyu ke ji, wato a ninka kowane awo da kansa a ɗauki matsakaici.

```
mu < 2 / (L * P)
M ≈ mu * L * P / 2
T ≈ 1 / (2 * mu * P)
```

Ta farko iyakar tarwatsewa ce. Ta biyu rarar kuskure. Ta uku tana ba da ma'aunin lokacin koyo: bayan awo T, ragowar ƙarar ta sauko zuwa kusan kashi 37 cikin 100 na yadda ta fara, bayan ninki huɗu na T kuma ta sauko ƙasa da kashi 2. Wanda zai buɗe littafi ya lura: Widrow kansa yana rubuta layin gyara da 2μ maimakon μ, don haka lambobinsa sun bambanta da waɗannan da ninki biyu. Ɗalibai da yawa suna ɗauko layin gyara daga wani littafi, su ɗauko iyaka daga wani, sannan su rasa dalilin da ya sa matacinsu ke tarwatsewa.

Mu sa L ya zama 32, a daidaita sautin yadda P zai zama 1, a kuma ɗauka cewa ƙarfin ƙarar ya bazu daidai a kan dukkan sautuka. Iyaka ita ce 2 a raba 32, wato 0.0625.

Mu fara da μ na 0.01, wanda ya yi ƙasa da iyakar sau shida, mutum zai ce ya yi taka-tsantsan. T ya zama awo 50, ninki huɗunsa 200, wato kashi ɗaya cikin arba'in na daƙiƙa. Kafin mai magana ya gama sallama matacin ya riga ya koya. Amma rarar kuskure ta kai kashi 16 cikin 100, a aikace ma ta ɗan fi haka. Ragowar rurin yana ƙasa da murya da desibel 8 kawai, kuma kunne zai ji shi sarai. Akwai alamar da ake gane wannan da ita: rurin yana tashi ne idan mutum yana magana, ya kwanta idan ya yi shiru, domin maganar ce ke girgiza ma'aunai. Duk wanda ya ji ƙara tana bin murya tana numfashi tare da ita, to takunsa ya yi yawa.

Mu rage shi sau goma, ya zama 0.001. Rarar kuskure ta koma kashi 1.6, rurin ya sauka desibel 18 ƙasa da murya. Farashin shi ne T ya zama awo 500, ninki huɗunsa 2000, wato rubu'in daƙiƙa. In rurin da farko ya ninka muryar sau goma a ƙarfi, ninki huɗu ba zai isa ba, domin kashi 2 na abu mai yawa har yanzu yana da yawa. Sai an kai wajen ninki shida da rabi, kusan daƙiƙa 0.4. Ga ɗaukar jawabi wannan ba komai ba ne, kuma a ganina a wannan yanki ya kamata mai irin wannan aiki ya fara nema.

Mu sake rage shi sau goma, 0.0001. A takarda sakamakon ya yi kyau: rarar kuskure kashi 0.16, desibel 28 ƙasa da murya. Amma ninki huɗu na T ya zama daƙiƙa biyu da rabi. In komai a tsaye yake, makirufo a kafe, ba mai wucewa, to madalla. In kuwa mai magana ne ke riƙe da makirufo yana juyawa, hanyar da ƙarar ke bi tana canzawa kafin matacin ya gama koyon ta baya. Kullum yana bin sawun jiya. Alamar wannan dabam ce da ta farko: duk lokacin da aka motsa, ruri ya dawo da ƙarfi, sannan ya riƙa dusashewa a hankali, ko da ba wanda ke magana.

A ɗaya gefen, kusa da iyaka, ƙa'ida ta biyu ba ta faɗar gaskiya kuma. Da μ na 0.05 tana cewa kashi 80, alhali a zahiri ragowar ƙarar ta ninka muryar fiye da sau huɗu. Matacin bai tarwatse ba, amma ba shi da amfani. Shi ya sa ba a ɗaukar iyakar a matsayin wurin zama. Masu aiki da wannan lissafi suna tsayawa nesa da ita, galibi sau goma ƙasa ko fiye.

In aka haɗa ƙa'ida ta biyu da ta uku, μ yana ɓacewa gaba ɗaya, sai a samu cewa rarar kuskure daidai take da yawan ma'aunai a raba da ninki huɗu na T. A gwada: 32 a raba 200 ya ba da 0.16, 32 a raba 2000 ya ba da 0.016. Wannan ita ce maganar da na fi so mai karatu ya tafi da ita. Babu wani μ na sirri da zai ba da sauri da tsabta a lokaci guda. Mutum yana zaɓar tsawon lokacin da zai iya jira, wannan lokacin kuma shi ke yanke masa yawan rurin da zai saura. Tambayar da ta dace ba "wane μ ne ya fi kyau" ba ce. Tambayar ita ce: cikin daƙiƙa nawa yanayin wurin nan yake canzawa?

Haka kuma ƙa'idar tana nuna cewa yawan ma'aunai ba kyauta ba ne. Sauti yana tafiya kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka ma'aunai 32 a kan awo 8000 suna riƙe da tafiyar da ba ta kai mita ɗaya da rabi ba. A cikin ɗaki mai bangon siminti, inda sauti ke kai-kawo, ana bukatar ɗaruruwa. In aka kai su 320 aka bar μ a 0.001, rarar kuskure ta koma kashi 16. Don a dawo da ita 1.6 sai an rage μ sau goma, a kuma jira sau goma.

Inda janareta na gaske ya saɓa wa takarda

Mun ɗauka ƙarfin ƙarar ya bazu daidai, amma rurin inji ba haka yake ba. Ƙaramin janareta mai ba da wuta irin tamu yana juyawa sau 3000 a minti, wato sau 50 a daƙiƙa, kuma yawancin ƙarfin sautinsa yana tare a ƙananan sautuka masu kauri da ke bin wannan juyi. Sama da su akwai kwaramniyar ƙarfe da hucin salansa, masu rauni amma masu damun kunne. LMS yana koyon kowane sashe da saurin da ya dace da ƙarfinsa. Sashe mai ƙarfi shi ke ƙayyade iyakar μ, mai rauni kuma shi ke ƙayyade tsawon jira. In kaurin ya ninka kwaramniyar sau ɗari a ƙarfi, kwaramniyar za ta ɗauki lokaci sau ɗari kafin ta tafi. Abin da kunne ke ji shi ne gurnanin ya ɓace nan take, amma wani siririn sauti ya daɗe yana nan. Wanda bai gane dalili ba sai ya ƙara μ, ya jawo wa kansa rawar ma'aunai ba tare da ya magance komai sosai ba. Maganin wannan yana wajen daidaita ƙarfin sassan sautin kafin a ba matacin, ko a raba sautin kashi-kashi kowane kashi da takunsa.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari. Iyakar μ ta dogara da P, kuma P ba ya tsayawa wuri guda. In aka ɗora wa injin kaya, ko aka matso da makirufo, har girman awon ya ninka sau biyu, P ya ninka sau huɗu. Wanda ya sa μ na 0.02 yana ganin yana cikin aminci, yanzu tamkar ya sa 0.08 ne, ya haye iyakar 0.0625. Matacin da ya yi aiki lafiya a gwaji sai ya tarwatse a fili. Tun a shekarar 1967 aka samu maganin wannan: a raba takun da ƙarfin ƙarar da ke cikin matacin a wannan lokaci. Ana kiran wannan sigar NLMS.

```
w = w + a * e * x / (eps + sum(x * x))
```

Yanzu ƙara ta yi ƙarfi, taku ya ragu da kansa; ta yi rauni, ya ƙaru. Sabuwar lambar a tana da iyaka tabbatacciya, tsakanin sifili da 2, ko da wane irin ƙarfi sautin yake da shi, kuma rarar kuskure kusan rabinta ce idan ƙarama ce. Zaɓinmu na 0.001 ya yi daidai da a na 0.032. Ƙaramar lambar eps kuwa kada a manta da ita: in injin ya mutu, x ya koma kusan sifili, rabawa da sifili za ta mayar da takun ƙato, muryar mai magana ta watsa ma'aunai gaba ɗaya. Sai dai NLMS bai soke cinikin sauri da tsabta ba. Ya dai hana shi canzawa a bayan idon mutum.

Akwai dabaru biyu da ke sassauta cinikin, kuma dukansu sun fito ne daga abin da muka gani da hannu. Ta farko, a fara da babban taku don a iso da wuri, sannan a rage shi idan kuskure ya daina sauka. Ta biyu, tun da murya ce ke girgiza ma'aunai, a bar matacin ya koya lokacin da mai magana ya yi shiru, a tsayar da layi na uku ko a rage takunsa ƙwarai lokacin da yake magana. Na'urorin kashe amsa-kuwwa a layin tarho sun daɗe suna yin irin wannan. Haka nan a ƙananan na'urori masu lissafi da lambobi marasa dogon gutsure, taku ƙarami fiye da kima yana iya sa gyaran ya yi ƙanƙanta har na'urar ta ɗauke shi sifili, sai koyo ya tsaya cak tun ba a isa ba.

Abin da μ ba zai gyara ba

Duk bayanin nan ya tsaya ne a kan sharaɗi guda: makirufo na biyu bai ji murya ba. In ya ji, matacin ya samu kayan da zai yi kwafin muryar da su, kuma zai debe ta kamar yadda yake debe ƙara, domin shi rage e kawai ya sani. Binciken 1975 ya ba da ƙa'ida mai sauƙi a kan wannan: fifikon murya a kan ƙara a sakamakon ƙarshe ba zai wuce fifikon ƙara a kan murya a makirufo na biyu ba. In a can ƙara ta ninka murya sau ashirin, to mafi kyawun abin da za a samu shi ne murya ta ninka ragowar ƙara sau ashirin, kimanin desibel 13, komai ƙanƙantar μ. Alamarsa ita ce muryar ta fito a shaƙe, kamar daga cikin tulu. Haka kuma dole ƙarar ta isa makirufo na biyu kafin na farko, ko kuma a jinkirta sautin na farko da 'yan awo, domin matacin ba zai kwafi abin da bai riga ya ji ba. Sannan duk wata ƙara da makirufo na biyu bai ji ba, kamar babur da ya wuce ta bayan mai magana, za ta fito yadda ta shiga.

Ga ɗalibi ko mai gyaran sauti da zai gwada wannan da kansa: ka fara da wurin makirufo na biyu, ka kusantar da shi ga injin, ka nesanta shi da mai magana. Ka auna P, ka lissafa iyaka, ka fara daga kashi ɗaya cikin hamsin nata, ko ka yi amfani da NLMS da a tsakanin 0.02 da 0.05. Ka zana ƙarfin e a kan lokaci yayin da ba a magana, ka ga daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya kwanta, sannan ka saurara yayin da ake magana. In ruri yana tashi tare da murya, ka rage takun. In yana dawowa duk lokacin da aka motsa makirufo yana daɗewa kafin ya tafi, ka ƙara shi. In kuwa muryar ce ta shaƙe, kada ka taɓa μ, ka je ka matsar da makirufo.